Ƙudurin daraktoci na buɗe asusun banki: nazarin lamarin wani kamfanin riɗi a Kano

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau da ke Kano da kuma ta Maigatari a jihar Jigawa, ya tsaftace su, ya loda zuwa Legas domin masu fitar da kaya waje. Yana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, kuma daraktocinsa huɗu ne, su ne ma masu hannun jarinsa. Akwai Alhajin da ya kafa shi, wanda yake shugabantar hukumar daraktoci kuma yake da kashi 40 cikin ɗari. Akwai ƙaninsa, manajan darakta, mai kashi 25. Akwai wata Hajiya da ta gaji kashi 20 daga mijinta, aka kuma naɗa ta darakta a gurbinsa. Na huɗu wani abokin kasuwanci ne da ke zaune a Legas yana kula da karɓar kaya a bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana da kashi 15. Saboda cinikin kamfanin a shekara ya wuce naira miliyan 120, bai shiga sahun ƙananan kamfanonin da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta yafe wa naɗa sakatare ba, don haka yana da sakatariya, wata lauya, sai kuma akawu guda ɗaya da ke aiki a ofis.

Tun kafa kamfanin asusu ɗaya yake da shi, kuma Alhaji kaɗai ne ke sa hannu a kansa. Da kakar riɗi ta ƙarato, sai wani babban mai saye ya amince zai biya kafin alƙalami mai yawa, aka ga ya dace a buɗe sabon asusu a wani banki dabam domin kuɗin wannan kwangila kada su cakuɗe da na hada-hadar yau da kullum. Bankin ya ba su jerin takardun da yake buƙata, kuma a cikinsu akwai ƙudurin hukumar daraktoci da ya amince da buɗe asusun, ya kuma bayyana waɗanda za su riƙa sa hannu.

Dalilin neman wannan takarda a bayyane yake ga wanda ya san yadda doka take kallon kamfani. Kamfani mutum ne a idon doka, dabam da masu shi, amma ba shi da hannun da zai riƙe biro, sai dai ya yi aiki ta hanyar babban taron masu hannun jari ko ta hanyar hukumar daraktoci, ko wanda ɗayansu ya ba wa izini. Kasancewar mutum darakta, ko ma shi ne ya kafa kamfanin da guminsa, bai ba shi ikon taɓa kuɗin da ke asusu ba sai hukumar ta faɗi haka a rubuce. Banki kuwa yana kare kansa ne, domin a ƙarƙashin dokar caki da takardun biyan kuɗi, sa hannun da aka yi ba da izini ba ba shi da wani tasiri, kuma bankin da ya biya kuɗi a kansa yana iya tsintar kansa yana mayar wa kamfani kuɗinsa daga aljihunsa. Saboda haka abin da aka rubuta a ƙudurin shi ne abin da banki zai bi harafi da harafi, ba fahimtar da ke tsakanin daraktoci ba, ba kuma girman Alhaji a gari ba.

Ƙuduri na farko an yi shi cikin gaggawa. Manajan darakta ya karɓo fom ɗin ƙuduri da bankin ya riga ya buga, irin wanda ake cike gurabe kawai, ya kai wa yayansa a ofis ranar wata Alhamis, suka zauna su biyu, suka rubuta sunayen daraktoci huɗu a matsayin masu sa hannu, a gurbin ƙa'idar sa hannu kuma suka rubuta cewa kowane biyu daga cikinsu sun wadatar. An kira Hajiya a waya bayan an gama aka shaida mata. Daraktan Legas bai ji labari ba sai da aka nemi ya aiko da hotonsa na fasfo. A saman takardar an rubuta cewa wannan ƙuduri ne da aka zartar a taron hukumar daraktoci da aka gudanar a ranar.

Bankin ya dawo da takardun bayan ’yan kwanaki, amma ba saboda taron ba. Jami'in da ke kula da buɗe asusun ya duba bayanan kamfanin a rumbun CAC, ya ga har lokacin sunan marigayi mijin Hajiya ne yake cikin jerin daraktoci, sunanta ita kuwa babu. An naɗa ta a cikin gida, an rubuta a kundin bayanan taro, amma ba a sanar da hukumar ba, alhali doka ta ba da kwana 14 ne a kai irin wannan sanarwa. Sannan sunan manajan darakta a ƙudurin ya zo da sunan mahaifinsa da na garinsu, yayin da lambarsa ta tantancewa a banki, wato BVN, take ɗauke da sunansa da na mahaifinsa kawai, a wani jeri dabam. Irin wannan saɓani ya zama ruwan dare a Arewa, inda mutum ɗaya kan yi amfani da sunan gari a makaranta, sunan kaka a fasfo, laƙabi kuma a kasuwa, kuma ma'aikacin banki ba shi da ikon yin kawaici a kai ko da ya san mutumin tun yarinta. An gyara waɗannan biyun ba tare da gardama ba: sakatariya ta shigar da sauyin darakta a CAC ta biya tarar jinkiri, aka kuma daidaita sunan da abin da ke kan BVN da katin ɗan ƙasa.

Sai da takardun suka zo hannun sakatariya domin wannan gyara ne ta ga babbar matsalar, wadda bankin bai gani ba kuma ba shi da hanyar gani. Ta fuskar adadi, zaman na ranar Alhamis bai saɓa wa doka ba, domin sashe na 290 na Dokar Kamfanoni ya ce idan kundin ƙa'idojin kamfani bai tanadi wani abu dabam ba, daraktoci biyu sun isa a yi taro matuƙar yawansu bai wuce shida ba. Amma cikar adadi ba ta wadatar idan ba a gayyaci sauran ba. Sashe na 292 ya ba kowane darakta haƙƙin a sanar da shi taro a rubuce kwana 14 kafin ranar, sai dai idan kundin ƙa'idojin ya rage ko ya ƙara, ya kuma ce rashin ba da wannan sanarwa yana ɓata taron. Kundin wannan kamfani bai taɓa batun ba, saboda haka kwana 14 ɗin na nan daram. Abin da ya faru ranar Alhamis, a idon doka, hira ce tsakanin wa da ƙani, kuma takardar da ta kira shi taron hukumar daraktoci ta faɗi abin da bai auku ba.

Tambayar da Alhaji ya yi a nan tana da ma'ana, kuma yawancin ’yan kasuwa ita za su yi. Ya ce, tunda bankin bai yi magana a kan taron ba, me zai sa a tayar da abin da yake kwance? Amsar sakatariya ita ce rashin maganar bankin ne ma abin tsoro. Sashe na 93 na dokar ya ba wanda yake hulɗa da kamfani damar ɗauka cewa an bi ƙa'idojin cikin gida yadda ya kamata, ƙa'idar da ta samo asali daga shari'ar Turquand da aka yanke a Ingila a 1856, sai fa idan ya san akasin haka ko kuma matsayinsa ya sa ya kamata ya sani. Ma'ana, da bankin ya karɓi takardar da zuciya ɗaya ya riƙa biyan kuɗi a kanta, kamfanin ba zai iya dawowa daga baya ya ce bai ba da izini ba. Asarar za ta zauna a cikin gida, kuma ranar da aka samu saɓani, daraktan da ba a gayyata ba zai iya tsayawa a gaban kotu ya ce mutum biyu sun ba wa kansu ikon kuɗin mutum huɗu, sun kuma sa hannu a kan bayanin da ba gaskiya ba. Ta ce da shi: “Alhaji, ni ba zan tabbatar da wannan takarda da sa hannuna ba, domin abin da zan shaida shi ne an yi taro bisa ƙa'ida, kuma ba a yi ba.”

Hanya biyu ce a gabansu. Ta farko ita ce a fitar da sanarwa a jira kwana 14. Ta biyu, wadda ta fi sauri, ita ce rubutaccen ƙuduri ba tare da zama ba, domin sashe na 289 ya ce ƙudurin da dukkan daraktocin da ke da haƙƙin samun sanarwa suka sa wa hannu yana da ƙarfi daidai da wanda aka zartar a taro. Sharaɗinsa shi ne kowa da kowa ya sa hannu, babu maganar rinjaye, kuma idan mutum ɗaya ya ƙi, hanyar ta toshe. Haka kuwa aka yi. Da aka aika wa daraktan Legas takardar, ya karanta, ya ce ba zai sa hannu a kan kalmar “kowane biyu” ba. Daga nan aka fitar da sanarwa a rubuce, aka sa rana, aka haɗa da daftarin ƙudurin domin kowa ya zo da shirinsa. A ganina wannan jinkiri na mako biyu shi ne mafi amfanin abin da ya faru a duk lamarin, domin shi ya tilasta wa daraktocin karanta abin da suke shirin miƙa wa banki.

Hujjar daraktan Legas a taron ba ta da sarƙaƙiya. Idan kowane biyu daga cikin huɗu sun wadatar, to a aikace wa da ƙani ne za su riƙa sa hannu kullum, tunda ofishinsu ɗaya kuma gidansu ɗaya, su kuwa sauran biyun sunansu yana kan katin sa hannu na banki amma ba a taɓa buƙatarsu. Bai zargi kowa da rashin amana ba, ya ce dai sa hannu biyu ba shi da amfani idan na biyun ba zai iya ce wa na farko a'a ba, kuma a al'adarmu ƙani ba ya mayar wa yayansa takarda ya ce sai ya ga rasit. Manajan darakta kuma ya kawo tasa hujjar, wadda ita ma gaskiya ce: a Dawanau idan an daidaita farashi, dillali ba ya jiran a nemo wani a Legas, kuma kayan da ba a biya ba kafin la'asar wani ne zai ɗauke su. Ya ce: “Yaya, idan har kuɗin buhu da na ’yan dako sai na jira Legas, gara a ce mini na zauna a gida.”

Abin da aka daidaita a kai shi ne a raba masu sa hannu gida biyu, tsarin da bankuna suka saba da shi. Rukunin A ya ƙunshi Alhaji da ƙaninsa, rukunin B kuma Hajiya da daraktan Legas. Duk biyan da bai wuce naira miliyan 5 ba, kowane mutum biyu daga cikin huɗun suna iya amincewa da shi, ko da dukkansu ’yan rukunin A ne. Abin da ya haura miliyan 5 sai an samu mutum ɗaya daga A da mutum ɗaya daga B. An yi hattara wajen rubuta iyakar, aka ce “har zuwa miliyan 5, da ita kanta miliyan 5 ɗin”, domin ƙudurin da ya ce “ƙasa da miliyan 5” a layi ɗaya ya kuma ce “sama da miliyan 5” a layi na gaba ya bar adadin kansa a rataye, kuma ma'aikacin banki da ya ga cakin miliyan 5 cif zai mayar da shi maimakon ya yi hasashe.

Hajiya, wadda ba ta yi magana da yawa ba a farkon zaman, ita ce ta gano ramin da ke cikin wannan tsari. Ta tambaya, idan ana bin kamfani miliyan 18, me zai hana a raba shi gida huɗu, miliyan 4 da rabi kowanne, a biya a rana ɗaya ba tare da an nemi kowa daga rukunin B ba? Babu abin da zai hana, domin kowane biya shi kaɗai yana cikin iyaka, kuma banki ba ya tara lissafin abin da ba a umarce shi ya tara ba. Saboda haka aka ƙara sharaɗi na biyu, cewa jimillar abin da ’yan rukuni ɗaya za su fitar su kaɗai a rana ba za ta wuce miliyan 10 ba. Kafin a rubuta wannan, sakatariya ta tuntuɓi bankin ta tambaya ko na'urarsu za ta iya aiwatar da shi, kuma wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa. Amsar da ta samu ita ce a kan tura kuɗi ta intanet ana iya saita iyakar rana kai tsaye, amma a kan caki, wanda ake iya gabatarwa a rassa dabam-dabam ko ta wani banki, ba za su ɗauki alhakin tara jimilla ba. Sai daraktocin suka yanke cewa kowane caki, komai ƙanƙantarsa, sai da sa hannun A da B, sassaucin miliyan 5 ɗin kuma ya tsaya a kan tura kuɗi ta intanet kaɗai. Sharaɗin da banki ba zai iya aiwatarwa ba, ko dai ya ƙi karɓar ƙudurin gaba ɗaya, ko ya karɓa bisa rubutaccen sharaɗin cewa ba ruwansa da wannan ɓangare, kuma na biyun ya fi muni tunda daraktoci za su zauna suna zaton suna da kariyar da babu ita.

Wannan ya kai su ga ɓangaren da fom ɗin bankin na farko bai ce komai a kansa ba. Fom ɗin yana magana ne a kan caki da rubutaccen umarni, alhali kusan duk kuɗin wannan kamfani ta intanet suke fita, musamman da yake ba a biyan cakin da ya wuce miliyan 10 ta hanyar musayar caki tsakanin bankuna. Shiga tsarin intanet na kamfanoni yana da nasa fom dabam, inda ake rubuta wanda zai shigar da buƙatar biya da wanda zai amince da ita, a ba kowa tasa na'urar tokin, wadda ke fitar da lambar sirri ta tabbatar da umarni. Idan ƙuduri bai taɓa wannan ba, abin da kan faru shi ne wanda ya je banki ya cike fom ɗin yadda ya fi masa sauƙi, sau da yawa ya zama mutum ɗaya ne mai shigarwa kuma mai amincewa, sai a wayi gari ƙa'idar sa hannu biyu tana aiki a kan littafin cakin da ke kulle a durowa, kuɗin kuwa suna fita ta wayar mutum ɗaya. Ƙudurin da aka zartar ya rufe wannan ƙofa da kalmomi bayyanannu. Akawu ne zai riƙa shigar da buƙatar biya amma ba shi da ikon amincewa, ba ya kuma cikin masu sa hannu. Amincewa za ta bi ƙa'idar rukunin A da B da iyakokinta. Kowane tokin na mutum ɗaya ne, ba a ba da aronsa. Saƙon shiga da fitar kuɗi zai riƙa zuwa wayar Alhaji da ta daraktan Legas a lokaci ɗaya, bayanin asusu na wata-wata kuma a aika wa dukkan huɗun. Ba a nemi katin cire kuɗi a kan asusun ba, tunda kati ba ya sanin rukuni.

Akwai wani layi a fom ɗin bankin da aka soke baki ɗaya. Layin yana ba wa masu sa hannu ikon ba da umarni ko asusun yana da kuɗi ko umarnin zai sa a ci fiye da abin da ke ciki, wanda a taƙaice izinin cin bashi ne da aka saƙa a cikin izinin buɗe asusu. Hajiya ta ƙi shi saboda kuɗin ruwa, daraktan Legas ya ƙi shi saboda ba ya son a ɗora wa kamfani bashi ba da saninsa ba, aka rubuta a madadinsa cewa wannan ƙuduri bai ba kowa ikon karɓar rance, ko jinginar da kadara, ko tsaya wa wani a madadin kamfani ba, duk wannan sai da sabon ƙuduri na musamman. Bankin ya karɓi gyaran bayan sashensa na shari'a ya duba.

A ƙarshen zaman, ƙudurin ya ƙunshi cikakken sunan kamfani da lambar rajistarsa, da sunan banki da reshe, da nau'in asusun da cewa na naira ne, da sunayen masu sa hannu yadda suke a kan BVN tare da muƙamansu da rukuninsu, da ƙa'idojin da aka bayyana a sama, sannan da jimlar da ke cewa umarnin zai ci gaba da aiki har ranar da banki ya karɓi rubutaccen ƙudurin da ya sauya shi. An kaɗa ƙuri'a, dukkan huɗun suka amince, aka rubuta a kundin bayanan taro. Abin da aka kai banki ba kundin ba ne, tsakure ne daga cikinsa a kan takarda mai tambarin kamfani, da Turanci kamar yadda aka saba, wanda Alhaji a matsayin shugaba da sakatariya suka sa wa hannu suna tabbatar da cewa kwafi ne na gaskiya. Dokar 2020 ta mayar da hatimin kamfani abin zaɓi, amma jami'in bankin ya nemi a buga tunda kamfanin yana da shi, ba a kuma tsaya jayayya a kan hakan ba. Sauran takardun, irin su shaidar rajista, da kundin ƙa'idoji, da lambar haraji, da shaidar adireshi, da wasiƙun masu shaida biyu da ke da irin wannan asusu, da bayanan masu hannun jari, duk sun tafi tare, kowane mai sa hannu kuma ya cike katin samfurin sa hannunsa. Daraktan Legas ya yi nasa a reshen bankin da ke can, aka ba kamfanin lambar asusu mai alƙaluma goma.

Tsarin ya gamu da jarrabawarsa a tsakiyar kaka. Manajan darakta ya daidaita da wani dillali a kan kayan miliyan 18 ranar da Hajiya take Umra wayarta a kashe, daraktan Legas kuma yana cikin tashar jiragen ruwa ba a samunsa. Akawu ya shigar da buƙatar, manajan darakta ya amince, Alhaji ya amince, kuɗin suka ƙi fita, na'ura tana jiran wani daga rukunin B. Alhaji ya kira manajan reshe da kansa, aka ba shi haƙuri cikin girmamawa, aka ce masa abin da hukumar daraktocinsa ta rubuta shi ake bi, kuma shi ma sa hannunsa yana kai. Biyan tsabar kuɗi ba mafita ba ce, domin ban da cewa cire su ma sai da sa hannun B, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana kamfani biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 10 ba ta hanyar banki ba. Abin da aka iya yi shi ne tura miliyan 5 sau biyu, wanda ya cika iyakar ranar, dillalin ya riƙe kayan a kan wannan, ragowar miliyan 8 kuma suka fita da daddare bayan daraktan Legas ya ga saƙo ya amince.

Manajan darakta ya ɗauki abin a matsayin hujjar cewa tsarin ya yi tsauri, amma ni ban ga haka ba. Ƙa'idar ta yi daidai abin da aka rubuta ta domin shi, kuma sassaucin da aka bari ya isa a riƙe cinikin. Giɓin da ya bayyana shi ne rukunin B mutum biyu ne kawai, ba a kuma tanadi abin da za a yi idan ɗayansu zai yi doguwar tafiya ba. A taro na gaba an amince cewa duk ɗan rukunin B da zai bar ƙasa zai sanar da sakatariya mako guda kafin tafiya, ɗayan kuma ya ɗauki alhakin kasancewa a kusa da waya da tokinsa a ranakun kasuwa. Shawarar a bar tokin Hajiya a hannun akawu idan za ta yi tafiya, wadda wani ya kawo da kyakkyawar niyya, an ƙi ta, domin hakan zai mayar da mai shigar da buƙata mai amincewa da ita, kuma duk kuɗin da ya fita ta tokin Hajiya, a bayanan banki ita ce ta amince da shi.

Lamari na ƙarshe ya taso ne lokacin da akawun ya ajiye aiki. Barin aikinsa bai cire shi daga tsarin banki ba, kamar yadda murabus ɗin darakta ko cire sunansa a CAC ba ya cire shi daga katin sa hannu, domin jimlar da suka rubuta da kansu ta ce umarnin yana nan har sai banki ya karɓi sauyi a rubuce. A ranar da ya tafi aka karɓi tokinsa, sakatariya ta rubuta wa bankin wasiƙa da sa hannun A da B tana neman a dakatar da shigarsa nan take, ta kuma tsaya aka buga mata tambarin karɓa mai kwanan wata da lokaci a kan kwafinta, tunda daga wannan lokaci ne alhaki yake komawa kan banki. Naɗa sabon akawu a gurbin ya buƙaci sabon ƙuduri, kuma a wannan karon an bi gajeriyar hanyar sashe na 289: daftarin ya zagaya, dukkan daraktoci huɗu suka sa hannu cikin kwana uku, aka manna shi a kundin bayanan taro, aka kai wa bankin tabbataccen kwafi tare da BVN da katin shaidar sabon ma'aikacin.